Odita Uku, Sashe Ashirin da Huɗu: Ina Za a Fara Dubawa?

A kusan kowace ma'aikata mai riƙe da kuɗin jama'a akwai wani ofishi da ake kira na odita. A asibiti ne, ko jami'a, ko hukumar ruwa, ko ƙaramin banki, za ka tarar da mutum biyu ko uku a ciki, bauca ta taru a gabansu. Aikin da aka ɗora musu shi ne su tabbatar wa shugabanni cewa kuɗi da kaya da ayyukan ma'aikatar suna tafiya bisa ƙa'ida. Ma'aikatar kuwa tana iya zama mai ɗaruruwan ma'aikata da sassa da dama. Mutum uku ba za su iya leƙa kowane lungu a shekara guda ba, duk ƙwazonsu. Saboda haka a farkon kowace shekara sai shugaban ofishin ya yanke shawara mai nauyi: ina za mu duba bana, ina kuma za mu bari?

Tsohuwar hanya ita ce a bi sassa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu 'yan kwanakinsa, ko a ɗauko jadawalin bara a sauya masa shekara. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Odita da ya raba kwanakinsa daidai tsakanin siton takardu da ɗakin magani ya zagaya ko'ina, amma bai zurfafa a ko'ina ba. Hanyar da ƙwararru suka tsaya a kanta yanzu ita ce a bi haɗari, wato a kai ƙarfin da ake da shi inda ɓarna ta fi yiwuwa kuma ta fi ciwo. Cibiyar oditocin cikin gida ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IIA, da aka kafa a birnin New York a 1941, ta fitar da sababbin ƙa'idojinta a Janairun 2024, suka fara aiki a Janairun 2025. Ƙa'idojin sun wajabta wa shugaban odita ya gina tsarinsa a kan rubutaccen nazarin haɗari da ake yi aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma faɗa wa hukumar gudanarwa abin da ƙarancin ma'aikata zai hana shi yi.

Don a ga yadda ake yin wannan a aikace, mu ƙaddara wani asibitin gwamnati mai gado wajen ɗari biyu, da odita uku: shugaba da mataimaka biyu. Asibitin da alƙalumansa duk misali ne, amma matakan su ne waɗanda ake bi.

A fara da ƙirga kwanaki

Mutane da yawa suna fara tsarin da jera ayyukan da suke son yi. Wanda ya san aikin yana farawa da ƙirga kwanakin da yake da su, domin su ne jarinsa. Shekara kwana 365 ce. Idan aka cire Asabar da Lahadi, saura 261. A cire hutun gwamnati kamar na sallah biyu da Maulidi da Kirsimeti da sauransu, a ce kwana 13. A cire hutun shekara, a ce kwanakin aiki 22. A cire wasu 11 na bita da rashin lafiya da sha'anin iyali. Abin da ya rage wa kowane mutum kwana 215 ne. Mutum uku ke nan suna da 645.

Wannan adadi yana ruɗin mutum, domin ba dukansa ne na fita bincike ba. Shugaban ofishin yana zaman taron shugabanni, yana duba aikin na ƙasa da shi, yana rubuta rahoto, yana amsa tambayoyin oditocin waje. Wannan zai ci masa kwana 120, ya bar shi da 95. Sannan a ma'aikatun gwamnati a Nijeriya akwai aikin duba bauca kafin a biya, wanda dokokin kuɗi na gwamnatin tarayya, bugun 2009, suka ɗora wa oditan cikin gida. Ko mutum yana ganin wannan aiki ya dace da odita ko bai dace ba, doka ta sa shi, kuma a asibitinmu yana cinye wa ɗaya daga cikin mataimakan kwana 130, ya bar shi da 85. Ɗayan mataimakin ne kaɗai ke da cikakkun 215. Jimilla ta koma 395.

Har yanzu da sauran cirewa. Akwai ayyukan da ba makawa sai an yi su kowace shekara, kamar halartar ƙidayar kayan sito a ƙarshen shekara da ƙirga kuɗin kashiya ba sanarwa: kwana 45. Akwai bin sawun shawarwarin bara, a ga ko an aiwatar da su: kwana 40. Sannan a ajiye kwana 60 a gefe, kusan kashi 15 cikin ɗari, don abin da ba a zata ba, domin babu shekarar da za ta wuce ba a kawo takardar koke ko shugaba ya ce a bincika wani abu da gaggawa ba. Abin da ya rage na bincike na gaske kwana 250 ne.

Bincike mai ma'ana, daga shiri zuwa aikin fili zuwa rahoto da jiran amsar sashen, yakan ci tsakanin kwana 25 da 40 na mutum ɗaya. Wato ofishin nan zai iya yin bincike kusan takwas a shekara. Idan aka jera duk abin da za a iya bincika a asibitin, daga karɓar kuɗi da albashi da kwangila har zuwa kicin da wanki da motoci, an samu sashe 24. Takwas cikin ashirin da huɗu. Daga nan ne maganar zaɓi ta zama dole, kuma daga nan ne ake buɗe rijistar haɗari.

Abin da rijistar haɗari take faɗa

Rijistar haɗari takarda ce, galibi jadawali a kwamfuta, da shugabannin sassa ke cikawa. Kowane layi yana bayyana abu ɗaya da zai iya lalacewa, da dalilinsa, da wanda ke da alhakin kula da shi, da matakan kariya da aka ɗauka. Ana ba kowane haɗari maki biyu, daga 1 zuwa 5: na farko yiwuwar aukuwarsa, na biyu girman ɓarnarsa idan ya auku. Sai a ninka su. Haɗarin da yiwuwarsa 4 ce, ɓarnarsa 5, makinsa 20 ne cikin 25.

Rijista mai kyau tana yin wannan lissafi sau biyu. Na farko shi ne haɗarin asali, wato yadda abin zai kasance idan babu wata kariya. Na biyu shi ne ragowar haɗari, wato abin da ya saura bayan an yi la'akari da kariyar da sashen ya ce yana da ita. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce abin da odita ya fi zuba wa ido, kuma a nan ne sababbin shiga suke kuskure.

Ga yadda kuskuren yake. A rijistar asibitinmu, karɓar kuɗi daga marasa lafiya yana da haɗarin asali 20, amma ragowarsa 8 ce kawai, saboda sashen akanta ya rubuta cewa an daina rasit na hannu, an koma na kwamfuta, kuma ana daidaita lissafi da banki kullum. Adana bayanan kwamfutar asibitin kuwa asalinsa 15 ne, ragowarsa ma 15, saboda kowa ya san babu kwafin ajiya a ko'ina. Wanda ya jera rijistar bisa ragowar haɗari zai sa adana bayanai a sama, ya tura karɓar kuɗi ƙasa. Mai ƙwarewa zai yi akasin haka. Saukar maki daga 20 zuwa 8 iƙirari ne na mutanen da ake son bincika, kuma asibitin gaba ɗaya ya jingina da wannan iƙirari. Idan kariyar ba ta aiki kamar yadda aka faɗa, asibitin yana zaune a kan haɗarin 20 yana zaton 8 ne. Wannan shi ne wurin da binciken odita zai gano abin da ba wanda ya sani. Batun adana bayanai kuwa ba ya buƙatar wata guda na bincike don a tabbatar da abin da shugabanni suka riga suka amsa da bakinsu. Abin da yake buƙata shi ne a matsa musu su gyara, a ba su shawara ta 'yan kwanaki, a sa ranar dawowa duba gyaran.

Rijistar ba ta odita ba ce

Rijistar mallakin shugabannin ma'aikata ce. Su ne ke da haɗarin, su ne ke da alhakin magance shi. Odita yana amfani da ita, amma kafin ya gina shekararsa a kanta sai ya gwada ingancinta. Akwai alamu da ke nuna rijistar da ba za a dogara da ita ba. Idan ba ta da kwanan watan da aka sabunta ta, ko shekara biyu ta wuce ba a taɓa ta ba, ta tsufa. Idan kusan kowane layi makinsa tsakanin 8 da 12 yake, masu cikawa sun gudu ne daga jan launi don kada a kira su gaban shugaba. Idan aka rubuta haɗari da kalma ɗaya tak, kamar zamba ko rashin kuɗi, ba a faɗi komai ba, domin ba za a iya bincika kalma ba. Haɗarin da aka rubuta daidai yana faɗin abin da zai faru, da dalili, da sakamako: kashiya zai iya soke rasit bayan ya karɓi kuɗi, saboda shi da kansa yake da ikon sokewa, sai kuɗin su ɓata ba a gani ba. Wata alamar kuma ita ce rijistar ta cika da ƙorafin ƙarancin kuɗi da kayan aiki, wato sassan sun mayar da ita hanyar neman ƙarin kasafi.

Abin da ya fi waɗannan duka haɗari shi ne layin da babu shi. Ba wanda ke rubuta kansa a matsayin haɗari. Sashen da ake cin wani abu a cikinsa ba zai kawo wannan abin a rijista ba. Saboda haka odita yana ajiye rijistar a gefe, ya ɗauko kasafin kuɗi da lissafin bara, ya bi manyan kuɗaɗen da suka shiga da waɗanda suka fita, ya tambayi kansa ko kowane babban adadi yana da layinsa. A asibitinmu, man dizal na janareta yana cikin manyan abubuwan da aka kashe wa kuɗi bara, amma babu shi a rijista ko kaɗan. Odita ya ƙara shi a nasa jadawalin da maki 15, yiwuwa 5 da ɓarna 3, saboda mai abu ne da ake iya zuƙewa a sayar cikin sauƙi, kuma mutum ɗaya ne yake karɓarsa, yake ajiye shi, yake rubuta abin da aka sha.

Bayan lissafin kuɗi, akwai sauran wuraren da ake samo labari: rahoton oditocin waje, takardun koke, da hira ta minti talatin da kowane shugaban sashe. Tambayar da ta fi fitar da magana a irin wannan hira ita ce me ya sauya bana. Sabuwar manhaja, sabon ɗan kwangila, ma'aikacin da ya daɗe ya yi ritaya, sabuwar doka, duk wurare ne da kariya kan yi rauni ba tare da an lura ba. A asibitinmu, alal misali, marasa lafiya masu inshora sun ƙaru tun bayan dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022, amma ma'aikatan da ke shirya takardun neman biya ba su ƙaru ba.

Daga maki zuwa jadawali

Rijista tana magana da haɗurra, tsarin odita kuwa yana magana da ayyukan bincike, don haka sai an haɗa biyun. Ana ɗaukar kowane haɗari a maƙala shi da sashen da ya shafa a cikin ashirin da huɗun nan. Wani sashen zai tara haɗari uku ko huɗu, wani ba zai samu ko ɗaya ba. Sannan a ƙara tambayoyi biyu da rijista ba ta amsawa: yaushe rabon da a bincika wannan sashe, kuma me aka samu a lokacin? Sai ta uku: akwai wani da yake duba wurin ban da mu? Ƙaramin ofishi ba ya buƙatar ma'auni goma masu nauyi daban-daban. Yawan ma'auni yana sa lambobi su yi kama da ilimi, alhali hasashe ne aka ninka da hasashe. Maki yana taimakawa wajen jerawa, amma hukuncin ƙarshe na odita ne, kuma ya rubuta dalilinsa a layi ɗaya a gaban kowane zaɓi.

Ga yadda kwana 250 na asibitinmu suka rabu. Karɓar kuɗi ya samu 40. Asusun magani, inda ake sayen magani a sayar a sake juya kuɗin, shi ma 40, domin kuɗi da kaya masu lalacewa sun haɗu a wuri ɗaya. Kwangila da sayayya 35. Albashi da alawus 30. Neman biya daga masu inshora 30. Dizal 25. Ikon shiga manhajar asibiti, wato wa ke iya rubutawa, wa ke iya gogewa, 25. Samar da iskar oksijin 15. Shawara kan adana bayanai 10. Jimilla 250 cif, bincike takwas da shawara ɗaya.

Kwana 40 ba za su isa a bincika karɓar kuɗi gaba ɗaya ba, kuma ba a buƙatar hakan. Ana taƙaita binciken a kan haɗarin da ya kawo shi cikin tsarin. Tambayar ita ce ko rasit na kwamfuta da daidaita lissafi da banki suna aiki kamar yadda aka faɗa. Sai odita ya ɗauki wata uku, ya je ɗakin gwajin jini ya ƙirga gwaje-gwajen da aka rubuta a littafinsu, ya ninka da farashi, ya kwatanta da kuɗin da kashiya ta nuna an karɓa. Ya fitar da jerin rasit da aka soke, ya ga wa ya soke, da ƙarfe nawa, da izinin wa. Ya tambayi abin da ake yi ranar da sabis ya ɗauke ko wuta ta yanke, domin a irin wannan rana ce rasit na hannu ke dawowa ta bayan gida. Idan ya tarar mutum ɗaya ne ke karɓa, yake sokewa, yake kuma daidaita lissafi, to makin 8 ɗin nan ya rushe, ko da bai kama kowa da kobo ba.

Haka dizal. Janareta yana da mitar da ke ƙirga awannin da ya yi aiki, kuma injiniya ya san abin da yake sha a awa. A ce lita 40 ne a awa, kuma ya yi awa 300 a wata. Abin da ya kamata ya sha lita 12,000 ne. Idan bauca ta nuna an sayi 15,000, tankin kuma bai ƙaru ba, akwai lita 3,000 da ke neman bayani. Bayanin yana iya zama yoyon tanki, ko nauyin da aka ɗora wa injin ya fi na da, ko tanka ta sauke ƙasa da abin da aka biya, ko wani yana ɗiba. Odita ba ya yanke hukunci daga lissafin, amma lissafin ya nuna masa inda zai tsaya. Irin wannan gwaji na kwatanta adadi biyu da suka fito daga hannu daban-daban shi ne babban makamin ofishin da ba shi da mutane, domin yana rufe wata guda a yini biyu.

Oksijin ya shiga tsarin ne duk da kuɗinsa bai kai na sauran ba, saboda ɓarnarsa rai ce. Odita da ya taso a akanta yakan auna komai da naira, ya manta cewa manufar asibiti ita ce mara lafiya ya fita da ƙafarsa. Ba zai iya gwada ingancin iskar ba, wannan aikin masu ilimin ne. Amma zai iya duba ko akwai adadin silinda da aka ce kada a sauka ƙasa da shi, ko mai kawowa ɗaya ne tilo, ko ana binsa bashin da zai sa ya daina kawowa, da sau nawa aka wayi gari babu a bara.

Lokaci ma wani ɓangare ne na tsarin. Ba a shiga ɗakin magani da bincike a tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika asibiti kuma ma'aikatan ba su da sararin amsa tambaya. Binciken kwangila ya fi amfani bayan an saki kuɗin ayyuka an fara kashewa. Na albashi ya fi dacewa bayan ƙarin girma ko ɗaukar sababbin ma'aikata. A sa aiki mai sauƙi a watan azumi, a kuma tabbata hutun mutum biyu bai faɗo a wata ɗaya ba. Binciken da ya fi kowanne nauyi a sa shi a rabin farko na shekara, domin abin da aka tura watannin ƙarshe shi ne wanda yakan faɗi idan aiki ya cushe.

Shafin da ya fi kowanne muhimmanci

An taɓa sashe tara, an bar goma sha biyar. Tsarin da ya yi shiru a kan sha biyar ɗin nan bai cika ba. Shugabanni da kwamitin odita, idan suka ga tsari an sa masa hannu, sukan ɗauka an rufe ko'ina. Ranar da aka gano ɓarna a sashen da ba a duba ba, tambayar farko ita ce ina odita yake. Saboda haka dole tsarin ya ƙunshi shafi guda da ke jera abin da ba za a duba ba bana, da makin kowanne, da dalili.

A asibitinmu, yawancin waɗanda aka bari masu ƙaramin maki ne, kamar siton takardu da wanki, kuma ba za a je musu ba sai wata alama ta bayyana. Wasu matsakaita ne, an sa su a shekara ta biyu ko ta uku, don kada wani sashe mai nauyi ya wuce shekara uku ba a leƙa shi ba. Amma akwai biyu da makinsu ya kai 12 kuma odita yana ganin sun cancanci bincike bana: kuɗin da ake ba ma'aikata a hannu don wani aiki su dawo da rasit daga baya, da rijistar kadarori, har da motoci da injinan asibiti. Babu kwanakinsu. Abin da zai rubuta shi ne: waɗannan biyu suna buƙatar kwana 55, za a iya samun su idan aka ba mu ƙarin mutum na wata uku, ko aka rage duba bauca zuwa manyan biya kawai inda doka ta yarda, ko aka ɗauko ƙwararre daga waje, idan ba a yi ko ɗaya ba, hukuma ta sani cewa ta karɓi wannan haɗari. Da wannan jimla nauyin ya koma inda ya dace. Karɓar haɗari hurumin masu mulkin ma'aikata ne, kuma ba daidai ba ne odita ya karɓa a madadinsu ta hanyar yin shiru.

Wannan shafi kuma shi ne hujja mafi ƙarfi ta neman ƙarin ma'aikata. Kukan cewa mun yi kaɗan kowane sashe yana yin sa, kuma kunnen shugabanni ya saba da shi. Amma takardar da ta ce ga abu biyu, ga makinsu, ga kwanakin da suka rage, tana tilasta a ba da amsa a rubuce.

Akwai matsin da ke zuwa a wannan mataki, kuma gara a faɗe shi. Wani lokaci babba zai ce a cire kwangila daga tsarin bana, a sa kicin a madadinta. Odita yana sauraron shawarar shugabanni, domin sun san ma'aikatar, amma amincewa da tsarin aikin hukumar gudanarwa ne ko kwamitin odita, inda ake da su. Idan aka cire wani abu mai babban maki, a rubuta wanda ya nemi a cire da dalilinsa, a kai wa kwamitin. Inda odita yake ƙarƙashin shugaban ma'aikata kai tsaye, kamar yadda yake a ma'aikatun gwamnati da yawa, rubutun nan shi ne kariyarsa, kuma shi ne abin da oditocin waje za su gani.

Bayan an sa hannu

Tsarin shekara alkawari ne da aka yi bisa abin da aka sani a watan Disamba. Duk wata uku sai a zauna a duba abu uku: kwana nawa aka ci a kan abin da aka tsara, nawa aka taɓa daga ajiyar kwana 60, kuma wane sabon haɗari ya ɓullo. A ce a watan Mayu an kawo koke kan sayar da jini ba bisa ƙa'ida ba, binciken ya ci kwana 35. Ajiyar ta ɗauke shi, tsarin bai girgiza ba. Idan wani koken ya sake zuwa a Agusta ya nemi kwana 40, ajiyar ta ƙare da giɓin kwana 15, kuma dole wani abu ya fita. Wanda zai fita shi ne mafi ƙarancin maki cikin waɗanda ba a fara ba, kuma a sanar da kwamitin kafin a cire. Abin da ba a yi shi ne a matse kowane bincike da 'yan kwanaki don a ce an kammala duka, domin wannan yana haifar da rahotanni tara marasa zurfi.

Mai karatu da ke zaune a hukumar wata makaranta, ko ƙungiyar adashi da lamuni, ko kwamitin asibiti, zai iya gane tsarin da ba a gina kan haɗari ba ko da bai karanci akanta ba. Idan kowane sashe na ma'aikatar ya bayyana a cikinsa, an bi jeri ne. Idan ya yi daidai da na bara layi bisa layi, ba a yi sabon nazari ba. Idan jimillar kwanakinsa ta kai duk kwanakin aikin shekara, ba a cire hutu da taro da gaggawa ba, kuma zai karye kafin tsakiyar shekara. Idan babu kwanakin bin sawun shawarwarin baya, za a ci gaba da gano matsala ɗaya kowace shekara ba gyara. Idan aka kawo maka irin wannan tsari don ka sa hannu, ka nemi a nuna maka lissafin kwanaki, da dalilin zaɓen kowane bincike, da jerin abin da aka bari. Idan shafin ƙarshen nan babu shi, ka mayar da takardar a cike shi, domin haɗarin da ke cikinsa kai ne za ka amsa tambaya a kansa.